Riba a Hannu, Riba a Allo: Yadda Ake Fita Daga Cinikin da Ya Yi Kyau

A farkon watan Janairun 2024, ana cinikin tan ɗaya na koko a kasuwar New York a kan dala 4,200 da 'yan kai. Gonakin Ivory Coast da Ghana, waɗanda ke ba duniya fiye da rabin kokon da take amfani da shi, sun gamu da ruwan sama mai yawa da cututtukan itatuwa, daga baya kuma fari ya biyo, amfanin gona ya ragu ƙwarai. Kafin Fabrairu ya ƙare farashin ya wuce matsayin da ya kafa tarihi tun 1977. A ƙarshen Maris ya taɓa dala 10,000, a tsakiyar Afrilu kuma ya haura 11,000. Daga nan, cikin kimanin makonni biyu, ya rikito ƙasa da 8,000.

Duk wanda ya saya a Janairu ya yi daidai, amma ba kowa ne ya kai ribar gida ba. Wani ya sayar da komai a kan 5,000 yana murna, sannan ya zauna yana cizon yatsa wata biyu cur. Wani ya riƙe har ƙololuwa, ya ga ribar a allon wayarsa, ya kuma ga kusan rabinta ta narke kafin ya yanke shawara. Masu koyar da cinikin kasuwannin kuɗi sun fi ɓata lokaci a kan yadda ake shiga, wataƙila don shi ne ke jan ɗalibai. Amma abin da ke shiga aljihun mutum, fita ce ke yanke shi.

Dabaru biyu aka fi amfani da su wajen fita daga cinikin da ke kan riba. Ta farko ita ce sayarwa kashi-kashi, wato a riƙa rage kayan a matakai yayin da farashi ke hawa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga ɗan kasuwar hatsi a Dawanau da ya tara masara da kaka: ba ya buɗe sito ya zubar da ita rana ɗaya, yakan fitar da wasu buhuna idan farashi ya ɗan motsa don ya mayar da uwar kuɗi, ya ajiye saura zuwa damina. Ta biyu ita ce birki mai bin farashi. Birkin shi ne umarnin da mutum ke ba dillalinsa cewa idan farashi ya sauko zuwa wuri kaza, a sayar masa nan take. A manhajojin ciniki sunansa Stop Loss. Idan ana ɗaga shi sama duk lokacin da farashi ya ƙara hawa, ba a kuma taɓa mayar da shi ƙasa, shi ne abin da manhaja ke kira Trailing Stop.

Dalilin da ya sa ake buƙatar ƙa'ida a nan shi ne zuciyar ɗan Adam ba abin dogaro ba ce idan kuɗi na motsi a gabanta. A 1985 masana biyu, Hersh Shefrin da Meir Statman, suka yi rubutu a kan halin masu zuba jari na gaggawar sayar da abin da ya yi riba da kuma rungume abin da ke faɗuwa. A 1998 Terrance Odean ya bi diddigin asusu 10,000 na wani kamfanin dillancin hannun jari a Amurka, ya tarar da haka abin yake. Ya kuma gano wani abin da ya fi ciwo: hannayen jarin da mutane suka yi saurin sayarwa sun fi waɗanda suka riƙe yin kyau a shekarar da ta biyo baya, da tazarar sama da kashi 3 cikin ɗari. Mutum yakan ji tsoron kada ƙaramar ribarsa ta gudu, amma asara sai ya yi ta ba ta uzuri yana cewa za ta dawo.

Misali da lissafi zai fi fito da abin fili. A ɗauka wata 'yar kasuwa ta sayi hannun jari 3,000 na wani kamfani a kan naira 100 kowanne. Tun kafin ta saya ta yanke cewa idan farashi ya sauko 90, hasashenta bai yi ba, za ta fita. Ke nan abin da ta sa a haɗari shi ne naira 10 a kan kowane hannun jari, jimla naira 30,000. Wannan adadin shi ne ma'aunin komai. Marubucin nan na Amurka Van Tharp ya yaɗa al'adar kiran sa da harafin R, ana auna riba da ninkinsa: idan farashi ya kai 110 an samu R ɗaya, idan ya kai 120 an samu biyu. Don sauƙin lissafi, an bar kuɗin dillali da haraji a gefe.

Shirinta shi ne ta kasa kayan gida uku. Farashi ya kai 110, ta sayar da 1,000, ta sa naira 10,000 a aljihu, ta kuma ɗaga birkin sauran daga 90 zuwa 100, inda ta saya. Ya kai 120, ta sayar da wasu 1,000, ribar naira 20,000 ta ƙaru. Dubu ɗayan ƙarshe ba ta sa musu farashin sayarwa ba. Ta bar su da birki da ke bin farashi a baya da tazarar naira 12 daga wuri mafi tsawo da ya taɓa kaiwa.

A 120 birkin yana 108. Farashi ya hau 135, birkin ya koma 123. Sai kasuwa ta ja da baya zuwa 126, kuma nan ne ake gane mai ƙa'ida. Naira tara ta zube daga kowane hannun jari, zuciya na cewa a sayar kafin sauran ya tafi, amma 126 bai taɓa 123 ba, saboda haka ba ta yi komai ba. Birkin ma bai motsa ba, domin ba ya sauka. Bayan 'yan kwanaki farashin ya sake miƙewa har 150, birkin ya kai 138. Da kasuwa ta juya da gaske, aka sayar mata a 138, ribar naira 38,000. Jimlar abin da ta samu naira 68,000, fiye da ninki biyu na abin da ta sa a haɗari.

Ciniki ne mai kyau. Sai dai akwai tambayar da masu tallar wannan dabara ba su cika son a yi ba: da ba ta sayar da komai a hanya ba, ta bar duka 3,000 a ƙarƙashin wannan birkin na naira 12, nawa za ta samu? Naira 38 sau 3,000, wato 114,000. Sayarwa kashi-kashi ta ci mata naira 46,000.

To me ta saya da wannan kuɗin? Amsar tana cikin cinikin da bai yi nisa ba. Da farashin ya tsaya a 112 ya juyo, ita tana da 10,000 ɗin da ta riga ta ɗauka, wanda ya riƙe komai kuwa birkinsa na 100 zai fitar da shi ba riba ba asara. Da ya kai 122 ya juyo, ita za ta tashi da 40,000, shi da 30,000. A duka biyun ta fi shi da naira 10,000. Idan kuma farashin ya faɗi kai tsaye zuwa 90 tun daga farko, babu bambanci, kowa ya yi asarar 30,000 cif. Ke nan sai ta yi galaba a ƙananan ciniki kusan biyar kafin ta cike giɓin babban ciniki ɗaya. Wannan ne ya sa Tharp da wasu masu bin dogon zangon farashi ba sa ƙaunar dabarar: lokacin da mutum ya yi kuskure yana ɗauke da cikakken kaya, lokacin da ya yi daidai sosai kuma sulusi ne kawai ya rage a hannunsa.

Hujjarsu tana da ƙarfi, amma ba ita ce ƙarshen zance ba. Lissafin 114,000 yana ɗauka cewa mutum zai iya zama ya kalli naira 27,000 ta ɓace daga allonsa a ranar da farashi ya sauko daga 135 zuwa 126, bai taɓa komai ba. Kaɗan ne ke iyawa. Mafi yawa za su sayar da komai a 126, ko ma tun a 110. Wanda ya riga ya ɗauki wani abu yakan samu natsuwar barin sauran ya yi tafiyarsa. Saboda haka gaskiyar magana ita ce sayarwa kashi-kashi ba hanyar ƙara riba ba ce a kasuwar da ke dogon hawa. Kuɗi ne mutum ke biya don ya iya bin ƙa'idarsa, kuma ga mai ƙaramin jari da kuɗin ke da muhimmanci a rayuwarsa, sau da yawa ya cancanci a biya. Abin da bai dace ba shi ne a biya ba tare da an san ana biya ba.

Akwai wani tarko a matakin farko da ya kamata a tsaya a kansa, wato ɗaga birki zuwa farashin saye da zarar an ga 'yar riba. Yana da daɗi a zuciya, domin mutum na jin cewa ba zai ƙara yin asara ba. Amma kasuwa ba ta san inda kowa ya saya ba, kuma ba ruwanta. Farashi yakan hau, ya dawo ya leƙa wurin da ya taso, sannan ya yi tafiyarsa ta gaske. Wanda ya matsar da birkinsa zuwa 100 tun farashi na 104 zai sha ganin an fitar da shi ba riba, washegari kuma kayan su tashi ba shi. Alamar wannan cuta a bayyane take a littafin ciniki: idan mutum ya duba ya ga cinikinsa da yawa sun ƙare a sifili, kuma bayan fitarsa farashin ya kai inda ya yi hasashe, to birkinsa yana matsowa da wuri.

Wannan ya kawo babbar tambaya, wato tazarar da za a bari. Me ya sa naira 12, ba 5 ko 25 ba? Kowace haja tana da irin numfashinta, iyakar kai-komon da take yi a rana ko da babu wani labari. Birkin da ke cikin wannan kai-komon ba kariya ba ne, domin motsin yau da kullum ma zai taɓa shi. A 1978 wani injiniya Ba'amurke, J. Welles Wilder, ya fitar da ma'aunin wannan numfashi, wanda ake gani a manhajoji da sunan ATR. A sauƙaƙe, ana auna tazarar da ke tsakanin farashi mafi tsawo da mafi ƙasa na kowace rana, a haɗa da duk wani tsallake da aka yi daga rufewar jiya, sannan a ɗauki matsakaicin kwana 14. Daga baya Chuck LeBeau ya gina wata sananniyar hanyar fita a kansa, wadda ke cikin manhajoji da sunan Chandelier Exit: a ɗauki farashi mafi tsawo na kwana 22, a cire ATR sau uku. A misalin 'yar kasuwar nan, hajar na kai-komon naira 4 a rana, sau uku ya ba da 12.

Amfanin wannan ma'auni shi ne yana faɗaɗa idan kasuwa ta haukace, ya tsuke idan ta lafa. Birkin kashi 5 cikin ɗari zai iya wadatar da haja mai sanyin tafiya, amma a kokon watan Afrilun 2024, inda farashi ke iya motsa fiye da haka a rana guda, da an fitar da mai shi tun da sauran tafiya. Sai dai akwai sharaɗi: idan ATR ya ƙaru, lissafin zai iya nuna birkin ya sauka ƙasa da inda yake jiya. Ba a bin sa ƙasa. Ana barin sa a matsayinsa mafi tsawo har sai lissafi ya ba da wanda ya fi shi.

Wasu ba sa amfani da ATR, sai su bi sawun farashin kansa. A 1983 Richard Dennis, wani shahararren ɗan kasuwar Chicago, da abokinsa William Eckhardt suka ɗauki mutanen da akasarinsu ba su da gogewa suka koya musu ciniki da ƙa'idoji tsayayyu, don su warware gardamar da ke tsakaninsu kan ko ana iya koyar da sana'ar. Ɗaliban, da aka yi wa laƙabi da Kunkuru, suna fita ne idan farashi ya faɗi ƙasa da mafi ƙanƙantar farashin kwana 10 da suka wuce, ko kwana 20 a tsarinsu na dogon zango. Ba su da farashin da suke jira su ɗauki riba. Wannan na nufin a kowane babban ciniki dole su mayar wa kasuwa wani kaso mai tsoka na ribar da suka gani a allo, kuma wannan ɓangaren na daga cikin abin da ya fi yi musu wuyar bi. Haka birki mai bin farashi yake ko wane iri ne: ba zai taɓa sayar wa mutum a ƙololuwa ba, domin sai farashi ya sauko yake aiki. 'Yar kasuwar da ta fita a 138 ta ga 150 da idonta.

Ko wace hanya aka zaɓa, lokacin zaɓenta shi ne kafin a saya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A rubuta inda birkin farko yake, nawa za a sayar a wane farashi, da tazarar da birkin zai riƙa bi. Adadin kayan ma sai ya rabu: wanda ya buɗe ciniki da 0.01, mafi ƙanƙantar adadin da yawancin dillalan canjin kuɗi ke karɓa, ba shi da abin da zai kasa uku. Wanda kuma dillalinsa ke cajin kuɗi tsayayye a kan kowace sayarwa, fita sau uku na nufin biya sau uku.

Akwai kuma abin da ya shafi na'ura, wanda ya shafi mai ciniki a inda wuta da intanet ba su da tabbas fiye da kowa. A manhajar MetaTrader ta kwamfuta, umarnin Stop Loss yana zaune ne a na'urar dillali, saboda haka yana aiki ko da mutum ya kashe kwamfutarsa. Amma Trailing Stop a kwamfutar mai ciniki yake gudana. Idan aka ɗauke wuta ko data ta ƙare, birkin zai tsaya a wuri na ƙarshe da ya kai, ya daina bin farashi. Mutum zai kwanta yana zaton ana tsare masa riba, farashi ya hau ya sauko cikin dare, da safe ya tarar an sayar masa a tsohon wurin. Shi ya sa da yawa daga masu riƙe ciniki na kwanaki suka fi son su ɗaga birkin da hannunsu sau ɗaya a rana, bayan kasuwa ta rufe, lokacin da babu farashin da ke tsalle a gabansu yana ruɗa su.

Iyaka mafi girma ita ce birki ba alkawarin farashi ba ne. Idan farashi ya taɓa shi, umarnin na komawa na a sayar a duk farashin da aka samu mai saye. A rana ta yau da kullum bambancin ɗan kaɗan ne. Ranar 15 ga Janairun 2015 kuwa, Babban Bankin Switzerland ya janye ba zato alkawarin da ya yi tun 2011 na hana yuro faɗuwa ƙasa da faran 1.20. Cikin mintuna yuro ya zube da kusan kashi 30 cikin ɗari. Mutane da yawa sun ajiye birkinsu ƙasa kaɗan da 1.20, amma babu mai saye a wurin, aka sayar musu can ƙasa nesa. Masu ciniki da kuɗin aro daga dillali sun wayi gari ba jarinsu kaɗai ya ƙare ba, har bashi ake bin su. Kamfanin Alpari na Birtaniya ya durƙushe, FXCM kuma ya sanar da cewa abokan cinikinsa sun bar masa giɓin kimanin dala miliyan 225. A kasuwar hannun jari ta Najeriya matsalar na zuwa da wata fuska: an ƙayyade cewa farashi ba ya sauka fiye da kashi 10 cikin ɗari a rana, to idan mummunan labari ya fito, haja na iya kaiwa wannan iyaka masu sayarwa sun yi layi babu mai saye, gobe ma haka. A irin wannan ranar, kason da aka riga aka sayar a hanya shi kaɗai ne ribar da ba ta dogara da samun mai saye ba, kuma wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu sayarwa kashi-kashi ke da ita.

A koma kan koko. A ɗauka wani ya saya a Janairu a wajen 4,200, ya sayar da sulusi a 5,000, wani sulusin a 6,000, ya bar na ƙarshe da birki mai faɗi na kashi 20 cikin ɗari. Da farashi ya haura 11,000 birkinsa ya kai wajen 9,000, kuma rikitowar ƙarshen Afrilu ta fitar da shi a can, wataƙila ƙasa da haka kaɗan saboda saurin faɗuwar. Sulusin nan na ƙarshe ya kawo masa kusan dala 4,800 a kan kowane tan, alhali na farko da na biyu sun kawo 800 da 1,800, wato shi kaɗai ya fi su biyun a haɗe nesa ba kusa ba. A makonnin da suka biyo baya, da farashin ya sauka ƙasa da 8,000, birkin ya yi kama da mai ceto. A watan Disamba na wannan shekarar koko ya sake tashi ya haura dala 12,000, ya kafa sabon tarihi ba tare da shi ba. A cikin 2025 kuma farashin ya sake gangarowa har ƙasa da 7,000.